Bishiyar da Ta Yi 'Ya'yan Mutane: Bin Sawun Siffantawa a Waƙa Baiti-Baiti

Ranar 20 ga Afrilun 1939 wata mawaƙiya baƙar fata 'yar Amurka, Billie Holiday, ta shiga ɗakin ɗaukar faifai a birnin New York ta rera wata gajeruwar waƙa mai suna Strange Fruit, wato baƙon ɗan itace. Baiti uku ne kacal, kowanne da ɗango huɗu, kuma ba ta da amshi. Waƙa ce a kan kisan gillar da gungun fararen fata suke yi wa baƙaƙen fata a wancan zamani, inda za a kama mutum a rataye shi a bishiya, ba shari'a ba alƙali. Sai dai tun daga farkonta har ƙarshe ba a kira sunan wannan kisa ba. Ba a ambaci igiya ba, ba a ambaci makasa ba, ba a roƙi gwamnati komai ba. Abu ɗaya aka ɗora wa nauyin maganar gaba ɗaya, shi ne hoton bishiya da abin da yake reto a reshenta.

Wannan ya sa na zaɓe ta domin nuna yadda ake gano siffantawar da waƙa ta tsayu a kanta, da yadda ake binta daga baiti zuwa baiti. Gajeruwa ce, mutum zai iya riƙe ta duka a ka lokaci ɗaya, kuma babu ɗangon da aka sa don cike gurbi.

Kafin a shiga cikinta, akwai abubuwa biyu da masu sauraro kan cakuɗa. Jigo daban, siffantawa daban. Jigo shi ne abin da waƙa take magana a kai, a nan kisan gilla da wariyar launin fata. Siffantawa kuwa ita ce a ɗauki abu a kira shi da sunan wani abu kai tsaye, ba tare da an ce kamar ko tamkar ba. Idan aka tambayi mutum siffantawar wannan waƙa ya ce wariya ce, to jigo ya faɗa. Amsar da ake nema tana da ɓangare biyu, abin da ake nufi da abin da aka kira shi da shi: gawar mutumin da aka rataye, an kira ta ɗan itace. Malaman adabinmu suna da suna ga irin wannan, abuntarwa, wato a mai da mutum abu.

Kunnen Bahaushe ya saba da siffantawa tun yana yaro, amma galibi irin wadda ake jerawa. A waƙar fada, makaɗi zai kira sarki giwa a wannan ɗan waƙa, ya kira shi zaki a na gaba, can kuma ya mai da shi hadari ko dutse. Kowacce tana ƙara wa turken yabo ƙarfi, amma ko an cire ɗaya waƙar na nan daram, kuma ko an sauya musu wuri ba a yi asarar komai ba. Waɗannan adon bango ne. Wadda muke nema a nan ginshiƙi ce, in an zare ta ɗakin ya rufto. To a gwada. A cire maganar ɗan itace daga waƙar Holiday, me ya rage? Baiti na farko ya tafi, na uku ya tafi gaba ɗaya, na biyu ya zama jerin ƙamshi da ƙauri da ba a san inda suka dosa ba. Wannan gwaji na cirewa shi ne na farko, kuma ya fi dogaro da sunan waƙa, domin waƙoƙi da yawa sunansu ba ya nuna hoton da suka tsayu a kai. A nan an yi dace ne suna da siffantawa suka zo ɗaya.

Gwaji na biyu shi ne tattara dangin kalmomi. Mai nazari ya ɗauki takarda ya rubuta duk sunayen abubuwan da aka ambata, sannan ya duba waɗanda gidansu ɗaya. A wannan waƙa za a samu bishiya, ganye, saiwa, fure, ruwan sama, rana, iska, tsuntsaye, amfanin gona. Duk na lambu ne. A gefe guda kuma ga jini, jiki, idanu, baki, nama. Duk na ɗan'adam ne. Idan ka ga dangi biyu suna ta haɗuwa haka, to inda suka gamu nan siffantawar take.

Wanda ya rubuta waƙar ba Holiday ba ce. Wani malamin sakandare ne Bayahude a unguwar Bronx ta New York, Abel Meeropol, wanda yake rubutu da sunan aro Lewis Allan. Ya fara buga ta a matsayin rubutacciyar waƙa a mujallar ƙungiyar malamai a 1937, daga baya ya sa mata kiɗa da kansa. Wani hoto ne ya tayar masa da hankali, kuma an fi danganta shi da wanda aka ɗauka a garin Marion na jihar Indiana a watan Agustan 1930, inda aka rataye matasa biyu, Thomas Shipp da Abram Smith. A ƙarƙashin bishiyar ga taron jama'a maza da mata, wasu na murmushi, wani mutum na nuni da yatsa. An sayar da kwafin hoton dubbai. Cibiyar Tuskegee, wadda ta daɗe tana tattara lissafin irin wannan kisa, ta ƙidaya mutum 4,743 tsakanin 1882 da 1968, kuma 3,446 daga cikinsu baƙaƙen fata ne. Sanin wannan yana da amfani, domin mai bin siffantawa dole ya san ainihin abin kafin ya iya auna abin da hoton waƙa ya ɗauka da abin da ya bari.

Baiti na farko aikinsa dasawa. Yana buɗewa da magana a natse, irin ta mai ba da labarin tsirran wata ƙasa, cewa bishiyoyin kudancin Amurka suna yin wasu 'ya'ya da ba a saba gani ba. Wanda bai san waƙar ba zai zaci bayanin lambu za a yi masa. Ɗango na biyu ya kawo jini, kuma ya sa shi a wuri biyu, a ganye da kuma a saiwa. Sai na uku ya yaye rufin, ya faɗi cewa jikin baƙaƙen mutane ne iska take kaɗawa. Na huɗu ya koma kan ɗan itacen, har ya faɗi irin bishiyar. Mai sauraro ya sake jin kalmar da ya ji da farko, amma yanzu ba zai iya jinta yadda ya ji ta ɗazu ba.

Wurin da ya kamata a tsaya a daɗe shi ne saiwar nan. Jini a ganye abu ne da ido zai iya gani, daga jikin wanda aka rataye ya ɗiga. Amma jini a saiwa ba wanda ya gan shi, domin saiwa a ƙarƙashin ƙasa take, kuma ta nan bishiya take sha. Ke nan wannan bishiya da jini aka raine ta. Daga nan maganar ta wuce labarin dare ɗaya da gungun mutane ɗaya, ta koma kan ƙasar da aka gina arzikinta da gumin bayi a gonakin auduga, har zuwa 1865 da aka haramta bauta. Kuma akwai abin da kowa ya sani game da bishiya: ba sau ɗaya take yin 'ya'ya ba, duk shekara take yi, kuma ba ta yin 'ya'yan da ba irinta ba. Mawallafin bai faɗi wannan ba. Ya bar wa mai sauraro ya ɗauko shi daga sanin da ya riga ya yi wa bishiya. Haka siffantawa mai ƙarfi take aiki, tana aron ilimin da ke kanka ta yi magana da shi. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa baiti na farko a kowace waƙa ita ce: me na riga na sani game da wannan abu da aka aro, kuma wanne daga ciki mawaƙin ya taɓa?

Baiti na biyu shi ne inda masu nazari da yawa suke ɓatan hanya, domin kalmar ɗan itace ba ta fito a cikinsa ko sau ɗaya ba. Mai ƙirgen kalmomi zai ce an ajiye siffantawar an shiga wata magana. Ba haka ba ne. Ido ne aka ja baya domin a ga lambun da bishiyar take ciki, sannan aka matso da shi kusa ƙwarai domin a ga abin da yake rataye.

An gina baitin bi-da-bi. Ɗango ɗaya na kyau, ɗaya na tashin hankali, sannan a sake. Da farko an kawo kudancin yadda mutanensa suke son a gan shi, karkara mai lumana da mazaje masu karamci. Wannan hoto sananne ne a lokacin. A ƙarshen shekarar 1939 ɗin ne ma aka fitar da fim ɗin Gone with the Wind, wanda ya ƙawata rayuwar masu gonakin bayi. Nan take aka bi shi da fuskar wanda aka shaƙe, idanu da baki yadda mutuwar ta bar su. Sai aka koma ga hanci. Aka kawo ƙamshin furen magnoliya, wani babban farin fure da kudancin yake alfahari da shi, har jihohin Mississippi da Louisiana suka mai da shi furen jiha. Kafin ƙamshin ya gama shiga, ƙaurin naman mutum ya biyo baya, domin sau da yawa ƙona mutanen ake yi.

Ina alaƙar wannan da ɗan itace? Fure shi ne matakin da yake gabatar 'ya'ya. Kuma da ido da hanci ake sanin ɗan itace, a dubi launinsa, a shinshina a ji ko ya nuna. Baitin ya sa mai sauraro ya yi wa wannan ɗan itace abin da yake yi wa kowane ɗan itace, ya duba, ya shinshina, sai ya tarar da fuska da ƙauri. A ganina wannan shi ne baitin da ya hana waƙar zama ado. Da an ci gaba da maganar bishiya da reshe kawai, hoton zai yi kyau har ya lulluɓe mutumin. Nan aka tsaga shi da gangan, aka tuna mana cewa wannan abu yana da fuska. Amsa-amon ma ya taimaka, domin ɗango biyu-biyu suke amsa wa juna, don haka kalmar da ta rufe ɗangon kyau ita ce take ɗaure da wadda ta rufe ɗangon muni. Kunne ba zai iya karɓar ɗaya ya bar ɗaya ba.

Darasin aiki a nan shi ne, bunƙasa siffantawa ba maimaita ta ba ne. Baiti yakan bunƙasa ta ta hanyar faɗaɗa filin da take ciki, ko ta kawo kishiyarta, ko ta sauya gaɓar da ake ji da ita, daga gani zuwa shinshina. Idan ka rasa kalmar a wani baiti, kada ka yi saurin cewa ta ɓace. Ka nemi 'yan'uwanta.

Baiti na uku ya dawo da ɗan itacen, amma ya ƙara masa abin da babu a baya, wato lokaci. Na farko ya nuna shi a rataye, na biyu ya nuna kewayensa, na uku ya bi shi kwana da kwanaki. An jera masu aiki a kansa guda biyar: hankaki, ruwan sama, iska, rana, da ita kanta bishiyar. Tsuntsaye su tsattsage, ruwa da iska su yi nasu, rana ta ruɓar, daga ƙarshe reshe ya saki. Jerin daga sama yake gangarowa ƙasa, kuma yana bin tsarin lalacewar ɗan itacen da ba wanda ya tsinka.

Abin lura, a cikin biyar ɗin nan babu mutum ko ɗaya. Ɗan itace don a ci ake shuka shi, mai lambu ya tsinka, yara su yi rububi. Wannan kuwa ba hannun da ya taɓa shi. A fassara shi zuwa ainihin abin: ba wanda ya sauke gawar, ba wanka, ba likkafani, ba kabari, ba mai kuka a fili. Ga mai karatu irinmu, wanda a wurinsa gaggauta suturta mamaci haƙƙi ne a kan al'umma duka, wannan baiti ba ya buƙatar dogon sharhi. Kuma ba ƙirƙira ba ce, domin akan bar gawarwakin a rataye na wani lokaci don a tsorata sauran baƙaƙen fatar yankin.

Sai ɗango na ƙarshe ya sauya sunan abin. Ba a sake cewa ɗan itace ba, an ce amfanin gona, an kuma ce mai ɗaci ne. Wannan sauyi shi ne maƙurar tafiyar. Ɗan itace yana iya fitowa a daji ba da sanin kowa ba. Amfanin gona kuwa sai an yi sharar gona, an shuka, an yi noma, an jira kaka. Yana da mai shi. Waƙar da ta ƙi ambaton makasa tun daga farko, da wannan kalma ɗaya ta nuna su, ta kuma haɗa da duk wanda ya ci moriyar gonar. Sannan amfanin gona ba ɗaya-ɗaya ake ƙirga shi ba, dami-dami ne. Ta haka ƙarshen ya sadu da saiwar baiti na farko: abin da aka shayar da ƙasa shi aka girba. A faifan 1939 Holiday tana jan wannan kalma ta ƙarshe, ta ɗaga murya a kanta sannan ta sake ta, kuma daga nan waƙar ta ƙare.

Yanzu ana iya faɗin tafiyar duka a jimla ɗaya: an dasa bishiya mai shan jini, an nuna lambun da take ciki da fuskar abin da ta haifa, an bar shi ya ruɓe har aka kira shi girbi. Idan mai nazari ya kasa yin irin wannan jimla da aikatau daban ga kowane baiti, to ko dai bai gano siffantawar ba tukuna, ko kuwa waƙar ba mai siffantawa ɗaya ba ce. Akwai kuma gwajin sauya wuri. A sa baiti na uku a farko, sai a ga ana maganar ruɓewar abin da ba a gaya mana mene ne ba. A sa na biyu a ƙarshe, sai waƙar ta tsaya a kan firgici, ta rasa tuhumar da girbi ya kawo. Baitocin da ba su yarda a sauya musu wuri ba, su ne shaidar cewa hoton yana tafiya.

Akwai kuskuren da na fi gani a wajen masu ƙwazo, shi ne neman fassara ga kowane ƙaramin abu. Sai ka ji an ce hankaki 'yan sanda ne, ruwan sama 'yan jarida ne, rana kotu ce. Waƙar ba ta ba da wannan izini ba. Hankaki hankaki ne, kuma ƙarfinsu a nan shi ne da gaske suna sauka a kan gawa kamar yadda suke sauka a kan 'ya'yan itace. Yadda za ka gane ka wuce gona da iri shi ne ka tambayi kanka ko akwai wani ɗango na biyu da yake goyon bayan fassararka. Maganar saiwa tana da mai goyon baya, wato girbin ƙarshe. Maganar hankaki 'yan sanda ba ta da kowa. Haka nan wasu sukan jawo labarin itaciyar da aka hana Annabi Adamu, saboda an ambaci bishiya da 'ya'yanta. Tunanin na iya zuwa wa mai sauraro, amma a cikin baitocin babu hani, babu mai ci, babu mai ruɗi, don haka ba za a gina nazari a kansa ba.

Yadda aka riƙa gabatar da waƙar ma ya bi siffantawar. A gidan rawa na Café Society, inda baƙi da fari suke zama tare a lokacin da hakan ba kasafai ba ne, mai gidan, Barney Josephson, ya sa ƙa'ida: ita ce waƙar ƙarshe, masu kai abinci su tsaya, a kashe fitilu sai guda ɗaya a fuskar Holiday, kuma in ta gama ba ƙari. Kamfanin faifanta, Columbia, ya ƙi ɗaukar waƙar, sai wani ƙaramin kamfani mai suna Commodore ya ɗauka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba wanda ya kasa gane abin da ɗan itacen yake nufi.

Nazari bai cika ba sai an faɗi inda siffantawar ta gaza, domin duk hoton da ya haska wani gefe ya rufe wani. Ɗan itace ba shi da suna, ba shi da uwa, ba ya gudu, ba ya kokawa. Waƙar ta nuna abin da aka yi wa baƙaƙen fata, amma ba ta da wurin da za ta sa irin su Ida B. Wells, 'yar jaridar da ta yi ta bankaɗo wannan kisa tun shekarun 1890. Taron nan mai murmushi da ke cikin hoton Marion ma bai shigo ba sai ta bayan fage. Kuma waƙar ta kafa bishiyarta a kudu, alhali Indiana ba jihar kudu ba ce, abin da zai iya sa ɗan arewacin Amurka ya saurara yana ganin laifin na wasu ne. A daren na Marion akwai matashi na uku, James Cameron, ɗan shekara 16, wanda aka sa wa igiya a wuya amma ya tsira. Ya rayu har ya kafa gidan tarihi a birnin Milwaukee a kan abin da aka yi wa mutanensa. Labarinsa ba zai shiga wannan siffantawa ba, domin a cikinta babu wanda yake saukowa daga bishiyar da rai. Dokar tarayya da ta mai da irin wannan kisa laifi na musamman kuwa sai a watan Maris na 2022 aka sa mata hannu, shekara 83 bayan fitowar faifan.